"Ina Kwana?" da "Lafiya Lau": Tambayar da Ba Ta Jiran Labari

Tambayar lafiya da ake yi a cikin gaisuwar Hausa siffar tambaya gare ta, amma aikin da take yi daban ne. Idan mutum biyu suka yi kiciɓis a kasuwar Batsari ranar Alhamis, ɗaya ya ce "ina kwana", ɗayan ya ce "lafiya lau", ko "lahiya lau" kamar yadda take fita a bakin mutanen yankin, babu wanda ya ƙaru da wani labari a cikinsu. Mai tambaya ya san amsar tun kafin ya buɗe baki. Mai amsawa kuwa ko da zazzaɓi ya kwana, ko da mai bin sa bashi ya tashe shi da asuba, abin da zai faɗa ke nan. Duk da haka ba a taɓa kama mutum da ƙarya don ya ce lafiya lau, alhali wanda ya wuce bai yi tambayar ba sai an yi maganarsa a bayan idonsa.

Alamomin da ke nuna al'ada ce

Alama ta farko ita ce kowace tambaya da amsarta take tafe, kamar yadda aka gada. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Da damina a ce ya ruwa, a amsa da ruwa ya yi gyara; da hunturu a ce ya sanyi, a ce lokacinsa ne. Manomin da ya wuni a gonar rogo har bayansa ya ƙage, idan aka tare shi a hanyar gida aka ce ina gajiya, "ba gajiya" zai ce, ga fartanya a kafaɗa ga gumi ya jiƙa riga, mai tambayar kuma yana kallonsa. Da a ce bayani ake nema, da wannan amsa ta zama abin dariya. Yaro ma tun bai san ma'anar gajiya ba ake koya masa amsar, kamar yadda ake koya masa karɓar abu da hannun dama.

Ta biyu tana cikin yadda ake furta ta. Duk wanda ya saurari dattawa biyu suna gaisawa a ƙofar masallaci a Safana zai ji muryoyinsu suna hawa kan juna. Wannan yana cewa "ya iyali", wancan bai jira ya rufe baki ba ya riga ya ce "lafiya lau, ya gida", su biyun suna tambaya suna amsawa a lokaci guda, murya tana ƙara yin ƙasa har ta koma "lau, lau, madalla". Wanda ke son sanin abu yakan yi shiru ya ji amsa. A nan babu mai yin shirun. Haka kuma ana iya maimaita tambaya ɗaya sau biyu ko uku a gaisuwa guda, musamman idan an kwana biyu ba a haɗu ba, kuma ba wanda zai ce "ai na faɗa maka". Fulanin da ke zaune a gefen dajin Rugu sun ma fi jan tasu, inda kalmar "jam" ke ta dawowa a kan gida da yara da shanu, mutum biyu kowa ya kau da ido gefe don girmamawa.

Hujja mafi ƙarfi tana fada. Talaka ya je gaban hakimi, a ce fadar Sarkin Ruma a Batsari ko ta Yariman Katsina a Safana, ya cire takalmi, ya zube ya yi gaisuwa. Sau da yawa fadawa ne za su amsa da cewa an gaishe shi, basaraken kuwa iyakarsa ɗaga hannu. Wanda aka gaisar bai ce uffan game da kwanansa ba, amma gaisuwa ta cika, mai ita ya tashi da jin cewa an karɓe shi.

Aikin da take yi

Masana harshe da al'ada sun daɗe da lura da irin wannan magana. A 1923 Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand a tekun Fasifik, ya rubuta cewa akwai zancen da ba don isar da tunani ake yin sa ba, amfaninsa kawai ya ƙulla mutane, kuma tambayar lafiya da zancen yanayi na cikin misalan da ya kawo. A 1960 Roman Jakobson ya lissafa ayyuka shida da harshe ke yi, ɗaya daga ciki shi ne buɗe hanyar magana da tabbatar da cewa tana nan a buɗe. "Kana ji na?" da ake faɗa a waya idan sabis ya yi rauni ita ce misali mafi sauƙi na wannan aiki, kuma "ina kwana" 'yar'uwarta ce.

Sai dai a ƙasar Hausa aikin ya wuce buɗe hanya. Gaisuwa shaida ce cewa babu gaba tsakanin mutum biyu. Shi ya sa idan aka ce wane da wane "ko gaisawa ba sa yi", an gama bayyana girman rikicinsu, kuma idan an sasanta su alamar farko da ake jira ita ce a ga sun gaisa. A ƙauye, inda kowa ke ganin kowa sau da yawa a rana, gaisuwar safe sabunta alkawari ce ta kullum. Maƙwabcin da ya saba tsayawa ya yi tambaya huɗu ko biyar, yau ya ce "sannu" ya wuce, ya riga ya aika saƙo, kuma kafin azahar za a fara binciken abin da aka yi masa.

Tana kuma nuna matsayi. Ƙarami ne ke fara gaida babba, shi ke zuwa inda babban yake, ya rusuna ko ya durƙusa, ya kira shi Baba ko Kawu ko Malam. Matar ɗa takan durƙusa ta gaida surukarta da jam'i, "kun tashi lafiya", ba ta kama sunanta. Judith Irvine ta bayyana abu mai kama da wannan a 1974 game da Wolof na Senegal: a can na ƙasa ne ke tasowa ya fara, shi ke jero tambayoyi da sauri da ɗaga murya, na sama yana amsawa a taƙaice. Tsarin Hausa bai zo daidai da wannan ta kowace fuska ba, domin dattijo kan karɓi ragamar tambaya bayan an gaishe shi, ya tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da ya haɗa su a fili yake. Wanda ke tsaye a gefe yana iya gane babba da ƙarami daga gaisuwa kaɗai, ko da bai san su ba.

Sallama ita ce ke gaba da duk waɗannan, kuma hukuncinta na addini ne. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko kwatankwacinta, malamai kuma suna karantar da cewa fara sallama sunna ce, amsa ta wajibi. Tambayoyin da ke biyo bayan sallama al'ada ce, amma nauyin sallamar ya shafe su. Sallama addu'a ce, kuma idan aka duba da kyau "lafiya lau" ta fi kusa da godiya da fata a kan rahoto.

Dalilin da ya sa amsar ba ta sauyawa

Mutum yana da dalilai masu ƙarfi na cewa lafiya lau ko da ba lau ɗin ba ne. Akwai tarbiyyar godiya: wanda ya wayi gari da rai, a fahimtar jama'a, ya sami abin da zai gode a kai, kuma fara yini da ƙorafi kamar butulci ne ga Mai bayarwa. Akwai kunya da son rufin asiri. Magidancin da hatsinsa ya ƙare tun kafin kaka ba zai faɗa a bakin hanya ba, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai kuma abubuwan da al'ada ta hana a ambata kai tsaye. Ba a tambayar mace juna biyun da take ɗauke da shi, iyaka a ce mata "ya jiki" ko "ya nauyin jiki" idan akwai sabo. Uwar da aka tambaya lafiyar ɗanta na fari tana iya sunkuyar da kai ta yi shiru, ko ta amsa can ƙasa, kuma shirun nan ya wadatar.

Dalilin da ya fi waɗannan bayyana tsarin shi ne wanda Harvey Sacks ya kawo a wata maƙala da aka buga a 1975, inda ya nazarci wannan tambaya a Ingilishin Amurka. Ya nuna cewa amsa mai kyau tana rufe zancen, amsa maras kyau kuwa tana buɗe shi, domin dole mai tambaya ya ce "me ya faru?" Don haka kafin mutum ya amsa sai ya auna ko wannan mai tambayar ya cancanci ya ji damuwarsa, da kuma ko nan ne wurin faɗa. Bayanin ya hau kan Hausa sosai. A ce mai sayar da rogo ya ce wa abokin ciniki "ina kwana", shi kuwa ya ce "wallahi ban runtsa ba, yarona ba lafiya". Ya ɗora wa mai rogon nauyin da bai shirya ɗauka ba: sai ya bar ciniki ya yi jaje, ya tambayi ciwon, wataƙila ya rage kuɗi ko ya yi alkawarin zuwa dubiya. Wanda ya ce lafiya lau ya sauƙaƙa wa ɗan'uwansa, ya kuma ajiye labarinsa don wanda ya dace. Ta wannan fuska amsar ladabi ce ga mai tambaya, kuma wannan ya fi ƙarfi a kan zargin ɓoye-ɓoye da wasu baƙi kan yi wa Bahaushe.

Ko a wajen da kowa ya san ba lafiya, tsarin bai rushe ba. Majinyacin da ke kwance ba ya iya ɗaga kai, a ce masa "ya jiki", ya ce "da sauƙi". A zaman makoki a fara da "ina wuni", masu rashi su ce "lafiya lau", sannan a ce "ya haƙuri", su yi hamdala. Mai kawo labarin mutuwa daga wani gari ma sai ya zauna an gaisa, an tambaye shi mutanen gida ya ce suna lafiya, ya sha ruwa, kafin ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, daga nan ya kai ga cewa Allah ya yi masa rasuwa. Ba wanda zai tuhume shi da cewa ɗazu ya ce suna lafiya. Kowa ya san wancan gaisuwa ce, wannan kuma labari.

Yadda mai sauraro ke rarrabewa

Tunda amsar a daskare take, duk ɗan motsin da aka yi mata ana jin sa. A nan ne gwanintar mai sauraro take, kuma abubuwan da yake lura da su kaɗan ne.

Yana lura da wurin da tambayar ta faɗo. Wadda ta zo a farkon haɗuwa, cikin jerin 'yan'uwanta, gaisuwa ce. Wadda ta dawo bayan an ce madalla, an zauna, an ɗan yi shiru, tambaya ce ta gaske. Yana lura da siffarta. "Ina kwana" da "kun tashi lafiya" ba sa neman komai, amma "lafiya dai ko?" da "lafiya kuwa?" da "lafiya na gan ka haka?" suna nema. Ƙananan kalmomin nan, dai da kuwa da ko, su ne ke juya gaisuwa ta koma bincike. Wanda ya buga ƙofa da tsakar dare ba za a ce masa ina wuni ba, "lafiya?" kaɗai zai ji, kuma ya san amsa ake jira. Akwai ma'auni mai sauƙi a nan: tambayar gaske ana yin shiru bayanta.

A ɓangaren amsa kuma akwai matakai da duk wanda ya tashi cikin harshen ya sani ba tare da an koya masa ba. "Lafiya lau" ko "lafiya ƙalau" da aka faɗa da sauri, aka mayar da tambaya, ba ta ɗauke da komai. "Lafiya" ita kaɗai, ba lau, ba a kuma mayar da tambaya ba, tana iya nufin fushi ko damuwa. "To, alhamdu lillahi" da aka ja, aka sauke numfashi kafin a faɗa, tana nufin akwai magana. "Da sauƙi dai", "sai a hankali", "muna nan dai", "sai addu'a", kowace tana ƙara nauyi a kan ta gabanta. Game da majinyaci, idan mai jinya ya bar "da sauƙi" ya koma "jikin dai sai addu'a", dangi kan fara shirin tafiya. Wani lokaci mutum yakan fito fili ya ce "lafiya, amma ba lau ba", wanda gayyata ce kai tsaye a tambaye shi. Sauran kuma fuska ke faɗa, shi ya sa ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska.

Misali zai nuna yadda waɗannan ke haɗuwa. A ɗauka wani matashi ne da ke aiki a birnin Katsina ya kira mahaifinsa da safe, a wani ƙauye da ke kusa da Runka, cikin damina.

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya su Inna da yara?"

"Duk lafiya lau. Ya aikin?"

"Da godiya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"To madalla." Sai ya ɗan dakata. "Baba, garin dai lafiya ko?"

"To... da sauƙi dai."

"Me ya faru?"

"Mutanen nan ne suka shigo jiya da dare ta bayan gari. Sun kora shanu, amma Allah ya tsare, ba su taɓa kowa ba. A cikin dawa muka kwana."

Dattijon da ya kwana a gona da iyalinsa ya ce lafiya lau har sau biyu, kuma ɗansa bai ji an yaudare shi ba. Tambayoyi ukun farko haƙƙin uba ne a kan ɗa, ba a tsallake su ko da hankali a tashe yake. Ta huɗu ta bambanta ta hanya uku: ta zo bayan madalla, wadda ke rufe gaisuwa, tana ɗauke da dai da ko, kuma ta koma kan gari, abin da ya ba uban damar magana ba tare da ya zama mai kai kukan kansa gaban ɗansa ba. Shi ma uban bai zubo labarin nan take ba. Ya ce "da sauƙi dai", amsar da ba ta dace da tambayar gari ba sai idan wani abu ya faru, ya bar wa ɗan ya nemi sauran. Da ɗan ya ce "to madalla, a gaida su Inna" ya kashe waya, da labarin bai fito ba, kuma a wurin dattawa laifin ɗan ne da bai iya sauraro ba.

Abin da rashin tsaro ya sauya

Batsari da Safana suna yammacin jihar Katsina, sun yi iyaka da jihar Zamfara, dajin Rugu kuma ya ratsa ta gefensu. Shekaru da dama ƙauyukansu suna fama da satar shanu, da garkuwa da mutane, da hare-haren 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kai hari ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30. A irin wannan wuri, tambayar yadda aka kwana ba za ta zauna fanko kamar yadda take a unguwar da ake barci da ƙofa a buɗe ba.

Abin lura shi ne tsohuwar gaisuwar ba ta karye ba. Har yanzu "ina kwana" tana karɓar "lafiya lau". Abin da ya faru shi ne zagaye na biyu ya matso kusa, ya kuma zama kusan dole. Da can sai an ga alama a fuska ake cewa "lafiya dai ko?" Yanzu wanda ya fito daga ƙauyen da ke bakin daji, da ya sauka a tasha za a tambaye shi "ya garin naku?" da "ya hanya?", kuma a yi shiru a ji. "Ya hanya" a da 'yar'uwar "ina gajiya" ce, amsarta "lafiya lau". A bakin direban da zai bi hanyar da wani ya fito yanzu, tambaya ce da rai ya rataya a kanta, kuma wanda ya amsa ta da amsar al'ada alhali ya ga abin da ya gani, ya ci amana. Masu sauraro suna gane wace ake nufi daga wanda ya yi tambayar da kuma abin da zai yi da amsar.

Gaisuwar jaje ma ta yawaita. Wanda aka sako daga hannun masu garkuwa, ko wanda ya tsira daga hari, ana zuwa a yi masa barka da arziki, a ce "ya muka ji da wannan abu", ya ce "alhamdu lillahi". Ita ma nan da nan ta sami amsarta da ba ta sauyawa, kuma akwai hikima a ciki. Mutumin da ya yi makonni a daji ba zai iya ba kowane mai zuwa labarin abin da ya gani ba. Amsar al'ada tana ba shi mafaka: ya karɓi mutum hamsin a yini, ya ji cewa an damu da shi, ba tare da an sa shi ya sake bin ta kan abin sau hamsin ba.

A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana na ciki, aka shafe watanni kafin a buɗe. Lokacin ya fito da wani abu da ba a cika kula da shi ba. Kiran safe da ba ya wuce minti ɗaya, wanda ba a faɗin komai a cikinsa sai lafiya lau, yana ɗauke da labari guda mai girma, wato mutumin yana raye, yana gida, wayarsa tana hannunsa. Abin da kalmomin ba su faɗa ba, jin muryar ya faɗa. Da aka rasa kiran sai dangin da ke birni suka koma tare direbobi da 'yan kasuwa suna tambayar mutanensu.

Inda ake samun matsala

Saɓani yakan taso ne idan ɗaya yana gaisuwa, ɗaya yana bincike. Wurin da wannan ya fi haɗari shi ne asibiti. Uwa ta kawo yaro cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, ma'aikacin lafiya ya ce "ya jikin nasa?", ta ce "da sauƙi". Ta amsa gaisuwa ne, kamar yadda za ta amsa wa maƙwabciya. Idan ma'aikacin sabon zuwa ne, ko layi ya yi tsawo yana sauri, yana iya ɗaukar hakan a matsayin bayanin ciwo. Gogaggen ma'aikaci yakan bar gaisuwa ta ƙare, ya ce madalla, sannan ya koma tambayoyin da ba su da amsar gado: kwana nawa da fara zafin jikin, sau nawa ya yi amai tun jiya, yana kama nono, ya yi jijjiga. Tambayar da ke neman adadi ko lokaci ba ta amsuwa da "da sauƙi". A wajen auna tamowa ma haka ne. Uwa za ta ce yaro lafiya lau, amma idan aka zagaya ma'aunin a damtsensa ya nuna ƙasa da santimita 11.5, ya faɗa ja, kuma wannan tamowa ce mai tsanani ko me aka amsa a gaisuwa.

Masu zuwa ƙauyuka tattara bayanai don rabon tallafi suna faɗawa irin wannan rami. Wanda ya tsaya gaban magidanci cikin mutane ya ce "ya abinci a gidan?" zai ji "alhamdu lillahi". Wanda ya zauna, aka gaisa, ya keɓe da shi ya tambayi sau nawa aka ɗora tukunya jiya, ko damin gero nawa ya rage a rumbu, zai ji wani abu daban. Kuskuren kishiyar wannan shi ne a tsallake gaisuwar gaba ɗaya don ana ganin ɓata lokaci ce. Wanda ya fara da tambayar rumbu ba sallama ba ina kwana, amsar da zai samu gajera ce, domin bai nuna ya san darajar wanda yake tambaya ba.

Waya da saƙon rubutu sun rage wasu alamomin da ake dogara da su. A waya babu fuska, sai murya da tsawon shiru. A rubutu ko muryar babu, "lafiya lau" ta mai murna da ta mai kuka duk ɗaya suke a allo. Wannan na cikin dalilan da ya sa dattawa ba sa lissafa saƙon rubutu a matsayin cikakkiyar gaisuwa, kuma a al'amari mai nauyi kamar rashi ko jinya har yanzu ana sa ran mutum ya taka ya je, tunda zumunta a ƙafa take.

Masu sauraro suna karanta tsawon gaisuwa ta wata fuskar kuma. Idan wanda bai saba zuwa ba ya zo da sassafe, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gona, ya sake komawa kan gida, mai gidan ya san akwai abin da ke tafe, wato abin da ake kira gaisuwa da roƙon iri. Shi ma yana da tasa dabarar. Idan yana da halin taimako zai gajarta wa baƙon wahala ya ce "lafiya dai ko?", ya buɗe masa ƙofa. Idan ba shi da hali, tun a cikin amsoshinsa zai fara sako "sai a hankali" da "ka ga yadda garin yake", don baƙon ya gane kafin ya furta buƙatarsa. Sau da yawa baƙon kan karɓi saƙon, ya ce dama gaisuwa ce ta kawo shi, a yi sallama a rabu, ba wanda ya roƙa ba wanda ya hana.